Yadi Goma Ko Mita Goma?

A kan santimita 86 aka yi rigimar. Ƙanwata, wadda take sayar da shadda daga ɗakinta a Kano, ta sa wa wani bawan Allah farar shadda a motar Kaduna ana saura mako biyu Sallah. Kwana uku da isar kaya sai ga kira. Telansa ya shimfiɗa shaddar ya ɗora tef, ya ce ta gaza, ba za ta fitar da babbar riga da 'yar ciki da wando yadda ake so ba. Mutumin bai tsaya dogon surutu ba, hoton tallar da ya gani ya turo mata. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, an rubuta mita goma. Ita kuwa yadi goma ta aika.

Ba cuta ta yi niyya ba. Ranar da za ta sa tallar wannan shadda tana sauri, sai ta kwafo rubutun wata da ta sa kafin nan, ta canza kala, ta canza kuɗi, ta manta da tsawo. Waccan da mita aka yanko ta, wannan da yadi. Yadi ɗaya santimita 91.44 ne, mita kuwa ɗari cif. A guda ɗaya bambancin bai kai tsawon tafin hannu ba, amma idan aka tara sau goma ya doshi yadi guda, kuma a wurin tela yadi guda ba abin wasa ba ne. Ta mayar da kuɗi, ta biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ta kuma rasa mutumin da ya yi shekara yana saye a hannunta.

Da na je gidan ta miƙo mini wayar ta ce, "Yaya, duba mini, ko akwai wata irinta a ciki." Muka zauna muka bi tallace-tallacen ɗaya bayan ɗaya. Irin wancan kuskuren guda biyu muka ƙara samu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda kowace talla take da nata salo, kamar mutum goma ne suka rubuta alhali hannu ɗaya ne. Wata ta fara da kala, wata da sunan kamfani, wata da addu'a. Wata ta faɗi faɗin shaddar, mafi yawa ba su faɗa ba. Kala ɗaya an kira ta ruwan toka a nan, toka-toka a can, a wani wurin da sunanta na Turanci. Kuɗi wani wuri da alamar Naira, wani wuri lamba ce tsirara, wani wuri an ce a zo ta bayan fage a tambaya.

Maganin da muka yi wa abin shi ne fom, irin wanda ake cikawa a banki ko asibiti: rubutu guda ɗaya mai gurabe, wanda kowace sabuwar shadda za ta bi ta cikinsa kafin ta fita kasuwa. Mutane sukan ɗauka aikin shi ne a tsara talla mai daɗin karatu a riƙa kwafa. Wannan shi ne ya jefa ƙanwata cikin rigima. Aikin na gaskiya shi ne a zauna rana ɗaya a yanke shawarwarin da ake ta yankewa kullum cikin sauri: me za a faɗa, a wane jeri, da waɗanne kalmomi. Daga nan duk ranar da kaya suka zo daga Kantin Kwari, cikawa ce kawai ta rage.

Shawarar farko ita ce iyakar dangin kayan. Ƙanwata ta so mu yi fom ɗaya da zai ɗauki duk abin da take sayarwa, shadda da atamfa da leshi, tunda dai duk tufafi ne. Na ce mu gwada da tambayoyin masu saye. Mai sayen atamfa ba ya tambayar tsawo, ya san turmi yadi shida ne, abin da ya dame shi zane da kamfani da ko tana zuba. Mai sayen leshi yana son sanin ko mai duwatsu ne, ko mai nauyi ne, ko yana nuna jiki. Mai sayen shadda kuwa tsawo da faɗi da ƙyalli yake bi. Idan aka cusa su a fom ɗaya, rabin guraben za su riƙa zama fayau a kowace talla, kuma wanda ya saba tsallake gurbi, wata rana zai tsallake wanda bai kamata ba. Kaya biyu dangi ɗaya ne idan tambayoyin da ake yi a kansu iri ɗaya ne, amsoshin ne kawai suke bambanta. Da wannan awon har galila muka ware gefe, duk da ita ma shadda ce, domin rinin da aka yi mata ya jawo mata tambayoyin da sauran ba su da su. Muka tsaya a kan shadda zalla.

Guraben kuma ba daga kanmu muka ƙirƙiro su ba. Na ce ta koma cikin hirarrakinta da masu saye na wata biyu, duk tambayar da aka yi mata a kan shadda ta rubuta a takarda, idan an maimaita ta ja sanda a gefe. Aiki ne mai gajiyarwa, ya ci mana yammaci guda, amma a nan fom ɗin ya fito da kansa. "Yadi nawa ce?" da "nawa ne kuɗinta?" su suka fi tara sanduna. Sai "mai faɗi ce?", sai "asali ce?", sai "kalar haka take a ido?" Akwai wadda ba mu zata ba: mata masu saya wa mazajensu suna yawan tambayar ko zanen manya ne ko ƙanana, domin wani maigidan ba ya sa shadda mai manyan furanni. Duk tambayar da ta maimaitu ta samu gurbi. Wadda mutum ɗaya ya taɓa yi, kamar wanda ya tambayi nauyinta a sikeli, muka bar ta a amsa ta a hira.

Ga abin da muka tashi da shi:

```
SUNA: Shadda [kala], [tsawo], [kamfani]
KUƊI: Naira [adadi]
LAMBA: SH-[lamba]

Tsawo: [zaɓi daga jeri]
Faɗi: inci [a auna da tef]
Zane: [ƙanana / matsakaita / manya]
Ƙyalli: [sosai / daidai / kaɗan]
Aibi: [babu / a faɗi abin]

Kuɗin mota na mai saye ne.
Ba a karɓar wadda aka yanka ko aka wanke.
```

Gajere ne, kuma da gangan. Idan aka lura, rubutu iri uku ne a ciki. Layuka biyun ƙarshe ba sa canzawa har abada, ba a taɓa su. Kuɗi da lamba da faɗi su ake rubutawa sabo kowane lokaci. Sauran kuwa zaɓi ne daga jerin kalmomin da aka riga aka amince da su, kuma a ganina a nan ƙarfin fom yake. Gurbin da aka bar wa mutum ya rubuta abin da ya ga dama, gobe zai rubuta wani abu dabam. Saboda haka duk inda zai yiwu, a rage rubutu a ƙara zaɓi.

Ɗauki tsawo, tunda shi ya jawo maganar. Ƙanwata tsayi huɗu kawai take sayarwa. Sai muka rubuta su huɗun sau ɗaya, kowanne da awonsa biyu: yadi 5 (mita 4.6), yadi 10 (mita 9.1), mita 5 (yadi 5.5), mita 10 (yadi 10.9). Ba ta ƙara rubuta lambar tsawo da hannunta, ɗauko ɗaya take yi daga cikin huɗun nan. Da an yi haka tun farko, mutumin Kaduna zai ga 9.1 ya kira telansa kafin ya tura kuɗi. Awo biyun yana da wani amfanin ga mai ciniki da mutanen Maraɗi ko Damagaram, inda mita ce awon da aka saba da shi. Haka ma kuɗi: a rubuta shi da lambobi, a kira sunan kuɗin. Jaka a bakin dattijon Kano Naira ɗari biyu ce, a Nijar kuwa sefa dubu ce, don haka kalma irin wannan ba ta da wurin zama a talla.

Kala ita ta fi ba mu wahala, kuma ita ce har yau ba mu gama da ita ba. Hausa tana da arzikin sunayen kala: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan hoda, ruwan madara, ruwan ƙwai, makuba, sararin samaniya, shuɗi, tsanwa. Matsalar ita ce babu mutum biyu da suka yarda a kan inda ruwan madara ya ƙare ruwan ƙwai ya fara. Ita kanta ƙanwata abin da ta kira ruwan ƙasa da safe takan kira shi ruwan goro da yamma. Jerin sunaye a waya bai isa ya warware wannan ba, domin suna ba ya nuna kala.

Dabarar da ta yi aiki daga wurinta ta fito, ba daga wurina ba. Ta samo littafin rubutu na 'yan makaranta, ta bi teloli biyu na unguwa ta roƙi ƙyallayen shadda da suke zubarwa, ta yanka kowanne kamar faɗin akwatin ashana, ta ɗinke shi a shafi da zare da allura, ta rubuta suna ɗaya a ƙarƙashinsa. Kala goma sha huɗu. Idan sabuwar shadda ta zo, sai ta fito tsakar gida da littafin, ta kara bakin shaddar da ƙyallayen, wanda ya fi kusa shi ne sunanta, ko ranta ya so ko bai so ba. An yarda a ƙara kalma ɗaya tak, "mai haske" ko "mai duhu". Idan shadda ta zo ba ta yi kama da ko ɗaya ba, sai a ɗinka sabon ƙyalle a raɗa masa suna, ya shiga jeri. Ni da nake ganin na fi ta sanin kwamfuta, ban ga wata manhaja da ta kai littafin nan amfani a wannan fanni ba. Sai dai a riƙa ajiye shi a rufe cikin durowa, don rana tana cin kalar ƙyalle.

Gurbin kamfani kuma shi ne inda gaskiyar mai kaya take fitowa. Getzner kamfani ne na ƙasar Ostiriya, a garin Bludenz, tushensa tun 1818, kuma shaddarsa ta yi sunan da a kasuwa kusan duk shadda mai ƙyalli sai ka ji an ce mata gezna. A baki wannan ba ya damun kowa, mai saye yana riƙe da kayan a hannu yana murzawa. A rubuce kuwa alkawari ne. Wanda ya karanta sunan kamfani a talla yana Jos ko Abuja ya ɗauka daga can masaƙar ta fito. Sai muka sa doka: ba a rubuta sunan kamfani sai wadda ƙanwata ta saya a matsayin asali daga dilan da ta amince da shi. Sauran a rubuta abin da aka sani, misali 'yar China, ko a ce "ba asali ba". Da farko ta ce wannan zai kashe mata kasuwa. Na ce wanda yake neman ta kuɗi kaɗan ya san abin da yake saye, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda zai dawo da faɗa shi ne wanda aka sayar wa rariya da sunan kwano. Gurbin aibi ma haka: ba a barin sa fayau. Ko dai a rubuta "babu", wanda yake nufin an warware shaddar an duba, ko a faɗi tabon da inda yake.

Jerin kalmomin suna ma ba haka kawai muka yi shi ba. A jerin kaya na waya dogon suna yankewa yake yi, farkonsa kaɗai ake gani. Idan kowace talla ta fara da "Sabuwar shigowa, kaya masu inganci", mai dubawa zai ga layi talatin iri ɗaya, sai ya buɗe kowanne kafin ya san mene ne. Shi ya sa abin da ya bambanta wannan da waccan yake zuwa da wuri: kala, sannan tsawo. Kalmar "Shadda" mun bar ta a gaba saboda talla takan yi tafiya ita kaɗai, wata ta tura wa ƙawarta, ƙawar ta tura wa mijinta, kuma dole wanda ta isa gare shi ya gane ta ba tare da ya ga sauran ba. Kirari da kalmomin zuga duk mun fitar da su daga suna.

Lamba kuwa ƙaramin abu ce mai hana babban ruɗani. SH na nufin shadda, sai lamba mai tafiya a jere: SH-001, SH-002, haka har gaba. Ana rubuta ta a talla, a kuma rubuta ta da biro a 'yar takarda a manna a jikin ledar shaddar. Idan mai saye ya ce "farar nan nake so" alhali farare shida ne, sai a ce ya karanto lambar. Na so in cusa kala da tsawo a cikin lambar don ta yi ma'ana, sai na ga duk abin da aka ƙara wani wurin kuskure ne aka buɗe. Doka biyu ta isa: ba a sa kuɗi a cikin lamba, tunda kuɗi yana canzawa, kuma lambar shaddar da ta ƙare ba a ba wa wata. Hoton tsohuwar talla yana iya kwana wata shida a wayar mutum, ya tashi ya turo shi.

Ga yadda wata ta fito da aka cika:

```
Shadda ruwan toka mai duhu, yadi 10 (mita 9.1), ba asali ba
Naira 38,000
SH-047
Tsawo: yadi 10 (mita 9.1)
Faɗi: inci 52
Zane: ƙanana
Ƙyalli: daidai
Aibi: babu
```

Kuɗin nan misali ne kawai, kasuwar yanzu ba ta barin farashi ya kwana biyu a wuri ɗaya.

Hoto ma yana cikin fom, ko da yake ba rubutu ba ne. Huɗu muka tsayar, kullum a jeri ɗaya: shaddar a ninke gaba ɗayanta, sai kusa-kusa don zane ya fito, sai bakin shaddar inda rubutu ko tambari yake, sai a warware da tef a kwance a kan faɗinta. Na ƙarshen nan ya kashe gardamar faɗi gaba ɗaya, gani ya kori ji. Shadda tana da wuyar ɗauka saboda ƙyallinta. A tsakiyar rana haske yakan dawo daga jikinta ya shafe zanen, a ƙarƙashin ƙwan lantarki na ɗaki fara takan koma ruwan madara, a inuwa mai zurfi kuma ta ja zuwa shuɗi-shuɗi. Ƙanwata ta zaɓi wuri ɗaya a barandarta, da hantsi, a kan farin zanen gado guda ɗaya da ta ware don wannan aiki. Farin zanen yana taimaka wa mai kallo: idan ya ga zanen ya yi rawaya a wayarsa, ya san hasken ne, ba shaddar ba. Ba a gyara kala da manhaja. Kuma ba a rubuta kuɗi a jikin hoto, domin ranar da farashi ya tashi za a gyara rubutu a bar hoton yana faɗin na da, mai saye kuwa wanda ya fi araha zai riƙe.

A ina ake ajiye fom ɗin? Ƙanwata da WhatsApp Business take ciniki, kuma sashensa na `Catalog` yana da wurin suna, da kuɗi, da bayani, da `Item code`, wato layuka ukun saman fom kowanne yana da gidansa, sauran su shiga bayani. Fom ɗin da ba a cika ba ta ajiye shi a manhajar rubutu ta wayarta, daga can take kwafowa. Wannan ita ce dokar da ta fi kowace: daga fom fayau ake farawa, ba daga tallar jiya ba. Dalilin a fili yake. Idan ka manta gurbi a fom fayau, za ka ga `[tsawo]` tsaye yana kallonka, ko mai saye ya gani ya tambaya. Idan ka manta shi a tallar jiya, amsar jiya ce za ta zauna a wurin, da kamannin gaskiya, ba wanda zai lura sai tela.

Mai karatu da ido zai ga rauni ɗaya a fom ɗin namu: tsawo ya fito sau biyu, a suna da cikin bayani. Duk abin da aka rubuta wuri biyu, wata rana za a gyara ɗaya a bar ɗaya. Ga mai shadda ashirin ko talatin, dubawa ta isa. Da kayanta suka ƙaru sai muka koma Google Sheets: kowace shadda layi ɗaya, kowane gurbi da nasa ginshiƙi. A ginshiƙan kala da tsawo da zane muka sa `Data validation`, wanda yake fito da jerin zaɓi ya ƙi karɓar abin da ba ya ciki. Sunan kuma ba a rubuta shi, haɗa kansa yake yi. Idan kala tana B, tsawo yana C, kamfani yana D:

```
="Shadda "&B2&", "&C2&", "&D2
```

An fi jin daɗin shirya wannan a kwamfuta sau ɗaya, daga baya a riƙa cikawa a waya. Amma kada wanda bai kai nan ba ya ɗora wa kansa. Fom a takarda da ake bi ya fi na kwamfuta da aka watsar bayan mako biyu.

Kafin mu yarda da fom ɗin mun yi masa gwaji biyu. Na farko, ba da shaddar da ta fi sauƙi muka gwada ba, da waɗanda suka fi rikici: wadda kalarta take tsakanin biyu, wadda ba a san kamfaninta ba, wadda take da tabo. A nan ne gurbin aibi ya samu shiga, da farko babu shi. Na biyu, muka ba 'yarta mai shekara goma sha biyar fom da littafin ƙyallaye da tef da shadda uku, muka ce ta cika ba tare da ta tambayi kowa ba. Biyu ta cika su daidai. A ta uku ta leƙo ta ce, "Umma, faɗin a ninke zan auna ko a warware?" Tambayar ta nuna mana inda fom ɗin bai yi magana ba. Muka gyara wurin ya koma "a warware, a auna da tef". Duk inda baƙon hannu ya tsaya ya yi tambaya, laifin fom ne.

Bayan an fara aiki da shi, masu saye ne suke nuna inda ya gaza, ko ba su sani ba. Idan tambaya ɗaya ta ci gaba da zuwa alhali amsarta tana cikin talla, to ko dai an binne ta a ƙasa ko kalmar ba ta fito da ma'ana ba. Idan tambayar ba ta da gurbi kuma ta zo sau uku, huɗu, ta cancanci a duba ta. Sai dai akwai cutar da take kama fom a wannan mataki, wato ƙiba. Kowace rigima sai a ƙara layin gargaɗi, kowace tambaya sai a ƙara gurbi, kafin shekara ya zama wasiƙa, mai cikawa ya gaji ya fara tsallake, mai karatu ya daina kaiwa ƙarshe. Ƙanwata ta taɓa ƙara layi biyar a kan yadda ake wanke shadda da guga. Shawara ce mai kyau, amma ba ta taimaka wa mutum ya zaɓi wannan ya bar waccan, don haka ta fita daga talla ta koma `Quick replies`, ana tura wa wanda ya riga ya saya.

Idan kuma gyara ya zama dole, to a yi shi gaba ɗaya. Ranar da aka ƙara gurbi ko aka canza sunan wata kala, ranar za a bi tsofaffin tallace-tallacen da kayansu suke nan a gyara su. In ba haka ba za a wayi gari da fom biyu suna aiki tare, an koma gidan jiya. Shi ya sa take tara gyare-gyarenta ta yi su lokaci ɗaya, a ƙarshen wata, ta rubuta kwanan watan a saman fom ɗin don 'yarta ta san wanne ne na yanzu. Wadda ta ƙare kuma ba ta goge tallarta, ɓoye ta take yi, don idan irinta ta dawo hotuna da awo suna nan, sai dai a sake aunawa a ba ta sabuwar lamba.

Kasuwannin intanet irin su Jiji da Jumia suna da nasu guraben da ba za ka canza ba, kuma nasu tsarin ake bi. Fom ɗinka a nan rumbu ne: amsoshin suna ajiye wuri ɗaya, kana ɗiba kana zubawa inda aka tambaya, ba ka sake tunanin kala ko tsawo daga farko.

Akwai kayan da ba su shiga ba, kuma mun bar su haka. Makon jiya ta nuna mini ragowar wata shadda makuba, yadi uku da rabi, da ɗan zare da ya ja a gefe ɗaya. Tsayinta ba ya cikin huɗun nan. Ta ce, "Yaya, in ƙara yadi uku da rabi a jerin?" Na ce yaushe rabon da ta samu irinta? Ta ce tun bara. Sai ta ɗauke ta hoto, ta sa a `Status` da bayanin hannu, ta rubuta tsayin da yadi da mita, ta nuna zaren da yatsa. Kafin la'asar wata maƙwabciya ta aiko yaro da kuɗi, za ta ɗinka wa ɗanta kaftani.